Tallanmu ya ci kasuwa a birni, yaya za mu kai shi wurin manoma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen talla na wani ƙaramin kamfani, muna sayar da fitilar sola mai cajin waya. Mun yi bidiyo na daƙiƙa 15, an ɗauke wuta, wani saurayi ya kunna fitilarmu ya jona wayarsa ya ci gaba da hira. Samarin birni sun saya sosai. Yanzu maigida ya ce a kai tallan karkara. Shin in sauya kayan saurayin da muryar kawai, ko sabo zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Kafin ki taɓa riga ko murya, zauna ki tambayi kanki abin da saurayin birni ya saya a wurinku. A ganina ba haske ya saya ba. Yana da wutar lantarki, ɗaukewa take yi, abin da yake gudu shi ne wayarsa ta mutu yana tsakiyar hira. Fitilarku a wurinsa ta ko-ta-kwana ce. Idan ta lalace bayan wata uku zai yi tsaki, albashi ya shigo ya sayi wata.

Manomin da babu wuta a garinsu, ko akwai amma ba a ganin ta, wannan fitila ita ce hasken gidan gaba ɗaya. Da ita za a duba dabbobi da dare, da ita yara za su yi karatu, ita za ta hana a aika yaro da waya wurin mai caji. Kuma kuɗin da zai sa a ciki daga amfanin gona ya fito, wanda sau ɗaya ko sau biyu yake shigowa a shekara. Idan ta mutu bayan wata uku, sai wata kaka. Saboda haka tambayar da ke ransa daban ce: za ta daɗe, kuma idan ta lalace wa zan kama? Bidiyonku bai amsa ko ɗaya ba, domin masu kallonsa na farko ba su tambaya ba. Shi ya sa sauya riga ba zai wadatar ba. Sunan fitilar, kalarta, tambarinta da ɗan kiɗan da aka san ku da shi, duk ki riƙe su, don wanda ya gan ta a hannun ɗansa da ke birni ya gane ita ce. Alƙawarin, hujjar, lokacin da za a saki tallan da abin da kike so mai sauraro ya yi, waɗannan sabo za ki gina.

Fara da alƙawari. A kwalinku an rubuta ƙarfin batir da ƙarfin haske da lambobi. Mayar da su awa. Amma kada ki kwafi awannin da masana'anta ta rubuta, domin yawanci a mafi ƙarancin haske aka auna su, da batir cike fal. Ki ɗauki fitila biyar, ki shanya faifansu yini guda a rana mai kyau, ki kunna a hasken da mutum zai iya aiki da shi, ki rubuta awa nawa kowace ta yi. Ki sake a ranar da hadari ya rufe sama. Ki sake kuma bayan an caja waya ɗaya daga jikinta, don cajin waya yana shanye batir sosai, kuma a nan ne yawancin ƙorafi ke fitowa. Misali kin samu awa 8 a rana mai kyau, awa 5 a ranar hadari, awa 4 idan an caja waya. To ƙaramar lambar za ki faɗa a talla. Na san maigidanki zai so a ce 8. Ki tuna masa cewa a birni wanda fitila ta ba wa kunya shi kaɗai ya sani, a ƙauye kuwa kafin mako ya zagayo kowa ya ji, kuma a gaban dillalinku za a faɗa.

Daga nan sai lissafi. Manomi ɗan kasuwa ne, kullum cikin auna abin da ya zuba da abin da zai kwasa yake. Ki tambayi gidaje goma nawa suke kashewa a mako kan batiran tocila da kuɗin caji. Idan abin da suke kashewa a mako ya kai kashi ɗaya cikin 40 na kuɗin fitilar, ke nan a mako 40 ta biya kanta, wato ƙasa da shekara. Wannan jimla ta fi duk wani kirari da za ki yi wa fitilar. Idan kuma lissafin ya nuna sai an shekara uku, alhali garantinku na shekara ɗaya ne, to matsalarku ba ta talla ba ce, ki koma wa maigida da maganar farashi ko biya kaɗan-kaɗan.

Batun hujja shi ne inda na fi so ki tsaya. A 1943 wasu masu bincike biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, sun wallafa nazarin da suka yi kan yadda manoma 259 a jihar Iowa ta Amurka suka karɓi sabon irin masara. Abin da suka gano shi ne, da yawa daga bakin 'yan talla suka fara jin labarin irin, amma maƙwabta ne suka fi sa su yanke shawarar shukawa. Kuma ko da suka yarda, a ɗan yanki na gona suka fara gwadawa, ba su zuba duka ba. Wannan ba duhun kai ba ne, hankali ne na mutumin da kuskure ɗaya zai iya cinye masa shekara. Darasin a wurinki shi ne, tallan rediyo zai sa a san sunanku, amma gani ne zai sa a saya. Don haka kaso mai kyau na kuɗin tallan ya tafi wajen sa fitilar a hannun mutane. Ki ba wasu mutum biyar ko shida da ake zama a wurinsu da dare aron fitila na mako biyu, irin mai shago da shugaban ƙungiyar manoma da matar da mata ke taruwa a gidanta. A ranar kasuwa kuma dillali ya jona wayar mai tambaya, shi da kansa ya ga alamar caji ta hau. Wanda ya yi amfani da ita ya gamsu, shi za ki naɗi muryarsa da izininsa, ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. Kada ki rubuta masa. Da zarar ya fara karanto kalmominku, kunne zai gane.

A nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi ɓata mini rai. Sai a ɗauko ɗan wasa daga birni, a sa masa yagaggiyar riga, ya riƙa karya harshe yana mamakin fitila kamar bai taɓa ganin haske ba. Na taɓa zama a wurin gwajin irin wannan talla, manoman suka saurara shiru har ya ƙare, sannan wani dattijo ya ce, "Wannan da wa yake?" Mutum ba ya sayen kaya daga wanda ya raina shi. Ki nuna manomi yadda yake son a gan shi, mai gida mai tsari wanda ya san abin da yake yi.

Ga yadda zan tsara na rediyo, daƙiƙa 60. Ya buɗe da dare, an ji motsi a wurin dabbobi, uwargida ta ce tocila ta mutu. Maƙwabci ya leƙo da fitilarsa, ya ce tun bara bai sayi batir ba, idan har gaskiya ne wani ya faɗa muku haka. Sai murya ta faɗi sunan fitilar, awa nawa take yi ko da an caja waya daga jikinta, da cewa idan ta lalace cikin shekara a mayar wa wanda aka saya a hannunsa ya canza. A rufe da inda ake samun ta da ranar da za a gwada ta a bainar jama'a. Sunan ya fito sau uku, wurin saye sau biyu, lamba kuma kada ta wuce biyu a duk tallan. Ki karanta da ƙarfi kina kallon agogo, a natse, yadda za ki yi wa babba magana. Idan sai kin yi sauri kafin ya shiga minti ɗaya, ki rage kalmomi. Mai sauraron rediyo ba ya iya mayar da magana baya, kuma sau da yawa hannunsa na kan wani aiki. Duk wani "latsa nan" da ragin farashi na awa 48 da ke cikin na birni, cire su. Mutumin da sai ranar kasuwa yake shiga gari, kuma sai ya yi shawara da iyalinsa, wa'adin kwana biyu korar sa yake yi.

Lokaci kuwa, ki bi kuɗi. Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun wallafa wani gwaji a 2011 da suka yi a yammacin Kenya. Sun ba manoma damar biyan kuɗin taki da zarar an gama girbi, a kawo musu har gida ba tare da kuɗin dako ba, sai masu amfani da taki suka ƙaru sosai. Takin bai canza ba, lokacin tayin ne ya zo daidai da lokacin da akwai kuɗi a hannu. Ku ma haka. Ki fara aron fitilu da tallan rediyo makonni huɗu zuwa shida kafin girbi, don magana ta zaga, sannan kaya su kasance a hannun dillalai lokacin da aka fara sayar da amfani. Tallan da aka saki ana tsakiyar shuka, kuɗi duk sun tafi iri da taki da 'yan ƙwadago, zai iya zama mai kyau ƙwarai kuma ba a sayi ko ɗaya ba. Ki tambayi dillalanku wane amfani ne ke kawo kuɗi a yankin da kuma watan da ake sayar da shi, domin mai noman rani da mai noman damina ba lokaci ɗaya aljihunsu ke cika ba.

Kafin ki biya gidan rediyo, kunna wa manoma goma, maza da mata, kowa shi kaɗai. Kada ki tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. Washegari ki koma ki tambaya: me ake sayarwa, a ina ake samu, idan ta lalace me za a yi? Idan ƙasa da bakwai suka amsa duka ukun, gyara.

Bayan an saki tallan, babu adadin masu kallo da za ki duba kamar na birni, sai littafin dillali. Ki sa kowane dillali ya riƙa rubuta mutum nawa suka tambaya, nawa suka saya, nawa suka dawo da kaya, da inda suka ji labari. Idan yara na rera waƙar tallan amma ba mai zuwa tambaya, ko ba a gane inda ake sayarwa ba, ko babu kuɗi a hannu a lokacin. Idan ana zuwa a juya fitilar a ajiye a tafi, ba a yarda da ƙarkonta ba, ki ƙara aro da gwaji a fili. Idan ana saye ana dawowa da ita, alƙawarinku ya fi ƙarfin batirinku, sai ki dakatar da tallan ki sake auna awannin nan kafin a ƙara sa shi.