Zuwa ga kakar da jikarta ke aiko mata lol, brb da smh

"Jikata da aka haifa a ƙasar waje tana aiko min saƙo a waya, amma sai in ga ta sa lol, ko brb, ko smh. Rannan na yi mata nasiha ta amsa da lol. Dariya take min ne?"

Hajiya, barka da war haka. Kowanne daga cikin ukun nan haruffan farko ne na kalmomin Turanci uku, kuma gajarta magana irin wannan ta yaɗu ne a lokacin da saƙon waya guda ɗaya ba ya wuce haruffa 160.

Asalin ma'anar lol ita ce "ina ƙyalƙyala dariya", amma a yau da wuya mai rubuta shi ya kasance yana dariyar da gaske, domin matasa sun mayar da shi abin sassauta magana da rufe jin kunya. Idan kika ce mata ta rage hirar dare, ta amsa da "to Kaka, na ji lol", abin da take nufi shi ne kin kama ta, kuma tana murmushi. Inda ya dace ki yi magana shi ne idan lol kaɗai ta aiko a kan batu mai nauyi, babu wata kalma tare da shi. Ko a nan ma ina ganin gara ki kira ta ki ji muryarta kafin ki yanke hukunci, saboda mai yiwuwa Hausarta ce ta gaza.

Ina roƙonki kada ki sa lol a saƙon ta'aziyya ko na jaje. Manya da dama sun ɗauka yana nufin "ƙauna mai yawa". A shekarar 2012 an bayyana cewa har Firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya taɓa yi masa wannan fahimtar. Wanda aka yi wa rashi kuwa dariya zai karanta.

Shi brb ba shi da wata sarƙaƙiya, "ina zuwa" ne kawai. Wani abu ya taso mata, za ta dawo hirar ba da jimawa ba.

Smh kuma yana nufin "ina girgiza kai", wato takaici ko mamakin abin da bai dace ba. A nan ki duba abin da ta jingina shi da shi. Idan ta rubuta "motar makaranta ta sake makara smh", ƙorafi take kawo miki, sai ki lallashe ta. Idan kuwa ta sa shi kai tsaye a ƙarƙashin maganarki, to ya yi kusa da tsaki, kuma kina da ikon gaya mata cikin natsuwa cewa ba a amsa wa babba da shi.