Me ya sa fayil ke tafiyar hawainiya tsakanin sabar da tsohon suwic?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta a Tudun Wada, Gombe. Sabarmu tana haɗe da wani tsohon suwic na Cisco ta `Fa0/24`. `ping` yana tafiya lafiya lau, amma kwafar babban fayil sai ta cinye rabin yini. A suwic ina ganin lambar `late collision` tana ta hauhawa. Na canza kebul, shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka bar kebul ya huta tukuna. Alamun nan sun fi nuna cewa ɓangarorin biyu ba su daidaita kan dufles ba, wato ɗaya yana `full`, ɗayan yana `half`.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan duka biyun suna kan `auto`, da zarar an jona kebul sai su faɗa wa juna gudun da kowa zai iya da irin dufles ɗinsa, su zaɓi mafi kyau. Amma in wani ya taɓa kafe katin sabar a `100 Mbps Full Duplex` da hannu, yawanci katin zai daina wannan sanarwar. Suwic ɗin da ke kan `auto` zai gane gudun 100 daga siginar da ke kan waya, sai dai ba shi da hanyar gane dufles, kuma ƙa'ida ta ce a irin wannan hali ya koma `half`. Fitila za ta kama, gudu ya yi daidai, kowa ya ɗauka komai lafiya.

`half` kamar rediyon oba-oba ne, sai ɗaya ya yi shiru ɗayan ke magana. Suwic na saurarawa kafin ya tura, in kuma ya ji saƙo ya shigo yana tsakiyar turawa, sai ya ɗauka an yi karo ya katse. Ita kuwa sabar ba ta sauraren kowa, duk lokacin da ta ga dama take turawa.

A layi mai lafiya na gudun 10 ko 100, karo yana faruwa ne cikin bayit 64 na farkon firam, wato ƙunshin bayanan da ake turawa ta waya, kuma katin da kansa zai ɗan jira ya sake turawa. Wanda ya zo bayan bayit 64 shi ake ƙirgawa a `late collision`, shi kuma ba a sake tura shi, firam ɗin ya tafi ke nan. Sai TCP ya lura da ɓatan, ya rage gudu, ya sake aikawa. Shi ya sa `ping` bai nuna maka komai ba: ɗan saƙo ne guda ya je ya dawo, ba a haɗuwa a hanya. Babban fayil kuwa bayanai na kwarara ta nan, amsoshin TCP na dawowa ta can a lokaci guda. Fayil mai gigabayit 1 da ya kamata ya wuce cikin kamar minti ɗaya da rabi, sai ya koma aikin awoyi.

Don tabbatarwa, ka buga waɗannan a suwic, ka fara kwafar fayil tsakanin umarni na farko da na biyu:

```
clear counters fa0/24
show interfaces fa0/24
```

In ka ga `Half-duplex, 100Mb/s` kuma lambar `late collision` tana hawa, sai ka leƙa sabar. A Windows ka shiga `Device Manager`, ka buɗe katin netwok, ka duba `Speed & Duplex` a ƙarƙashin `Advanced`. A Linux kuwa `ethtool eth0` ne, ka sa sunan katinka, ka duba ko akwai `Auto-negotiation: off`. Ɓangaren `full` ba ya ƙirga karo sam, abin da yake gani shi ne kurakuran `CRC` da guntayen firam ɗin da suwic ya katse. Nan ne mutane ke ruɗewa su ɗora wa kebul laifi.

Gyaran shi ne ka mayar da sabar kan `Auto Negotiation`, ka kuma tabbatar suwic na kan `speed auto` da `duplex auto`. Layin zai ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, don haka kada ka yi ana tsakiyar jarrabawa. Ni dai ba na son kafewa da hannu, domin ranar da aka canza na'ura ɗaya, wanda ya gaje ka ba zai san an kafe ɗayar ba. In tsohon kati ya ƙi daidaitawa, to ka kafe duka biyun iri ɗaya, ka rubuta a jikin suwic.

Batun saɓanin gudu daban yake. In an kafe ɗaya a 10, ɗaya a 100, layin ba zai ma tashi ba. Tunda naka yana tashi, ba nan ciwon yake ba.

In bayan gyara duka biyun sun nuna `full` amma `CRC` na ci gaba da ƙaruwa, to yanzu ne za ka koma kan kebul: ka auna ko ya wuce mita 100, ka kuma sake matse kawunansa.