Boris Mai Ƙwallo Ko Mai Rola: Wanne Zan Sa Wa Shaf Ɗin Injin Matsar Gyaɗa?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina da injin matsar man gyaɗa a Kano, ƙirar gida. Shaf ɗin tsakiya mai kaurin milimita 50 yana juyi 300 a minti, kuma giyar da ke kansa haƙoranta a karkace suke. Wanda ya zana injin ya ce boris ɗin kusa da giya yana ɗaukar dannin 8 kN, sannan giyar tana tura shaf ta tsawonsa da 1.5 kN. Muna sa 6210, duk wata biyar ko shida sai ya mutu, awa goma muke aiki kullum. Gidajen boris biyu ne a ɗaure kan firam na walda. Wani ya ce in ƙara girman mai ƙwallon, wani ya ce in koma mai rola. Wanne ne daidai?

Amsa: Malam, koma mai rola, amma ba kowane irin rola ba. Wanda ya dace da injinka shi ne mai layi biyu na rola masu tumbi kamar ganga, dangin 222. Bari mu bi lissafin, don ka ga dalili da idonka kafin ka fitar da kuɗi.

Ƙwallo yana taɓa hanyarsa ne a ɗan ɗigo, rola kuwa a kwance yake taɓawa, a kan layi. Shi ya sa boris biyu masu rami ɗaya da faɗin waje ɗaya suke shan bamban wajen ƙarfi. Lambar da ke nuna wannan a katalog ita ce C. Na 6210 kusan 37 kN ne. Na 22210, wanda shi ma raminsa 50 ne, wajensa 90, ya kai wajen 105 kN, da ɗan bambanci tsakanin kamfani da kamfani. In kilonyutan bai zauna maka ba, ɗauki kowane ɗaya a matsayin nauyin kilo 100, wato buhu guda na gyaɗa ɓararriya.

Rayuwar boris da wannan ake auna ta:

```
L10  = (C/P)^p
L10h = L10 × 1000000 / (60 × n)
```

P shi ne nauyin da boris yake ji a zahiri, n juyi a minti, p kuwa 3 ne ga mai ƙwallo, 10/3 ga mai rola. Amsar farko tana fitowa ne a miliyoyin juyi, ta biyu a awoyi.

Kafin mu sa lambobi, akwai gyara ɗaya. Nauyin da aka rubuta a zane nauyi ne na injin da ke tafiya lami lafiya. Injin matsa ba haka yake ba: ƙuli ya toshe, tsakuwa ta shiga, a tayar da shi da kaya a ciki. Ni ina ninka nauyin irin wannan inji da 1.5. Wani injiniyan zai ce 1.3, ba za mu yi faɗa ba.

To, 6210 ɗinka. Turin tsawo in aka raba shi da danni, 1.5 bisa 8, ya ba da 0.19. Wannan bai kai iyakar da katalog ke kira e ba, wadda a nan ta doshi 0.28, saboda haka turin ba ya shiga lissafi sam. P ya zama 8 sau 1.5, wato 12 kN. Raba 37 da 12, ka ninka sakamakon da kansa sau uku, za ka samu juyi miliyan 29 da ɗoriya. Injinka yana juyi 18,000 a awa, ke nan awa 1,600 da 'yan kai. A awa goma kullum, wata biyar da 'yan kwanaki ke nan. Ka ga boris ɗin bai ci amanarka ba, kayan da aka ɗora masa ne suka fi ƙarfin wuyansa.

Shawarar ƙara girma ba shirme ba ce. 6310 yana da C na 65 kN, kuma lissafin nan zai ba shi wajen awa 8,800. Sai dai faɗin wajensa 110 ne, dole ka canza gida, tsayin tsakiyar shaf ma ya canza, ka koma gyaran zaman giya. In har za a sha wannan wahalar, gara a sha ta a kan abin da ya fi.

Yanzu 22210. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: turin da mai ƙwallo ya haɗiye kyauta, shi mai rola da tsada yake biyansa. In rabon bai wuce e ba, wadda a gare shi 0.24 ce, ga yadda ake samun P, inda Fr shi ne danni, Fa turi, Y1 kuma lamba ce da katalog ke bayarwa:

```
P = Fr + Y1 × Fa = 8 + 2.8 × 1.5 = 12.2 kN
```

Turin 1.5 ya ƙara masa fiye da rabin dannin. Ninka da 1.5 na jijjiga, ya zama 18.3 kN. Duk da haka, 105 bisa 18.3, da p na 10/3, yana ba da juyi wajen miliyan 340, kusan awa 19,000, shekara biyar da ɗoriya ke nan na irin aikinka. Amma ka riƙe wannan: da turin zai kai rabin dannin, wannan ribar da ta zube sosai, kuma da wani boris ɗin zan nuna maka.

Wani zai ce ai mai rola masu tsini, 30210, shi aka yi wa haɗin danni da turi. Gaskiya ne, a takarda ma zai iya zarce 22210 a wannan aikin. Da shaf ɗinka yana cikin akwatin giya guda, wanda aka huda ramukansa biyu a zama ɗaya a kan inji, da shi zan ce ka saya, guda biyu suna fuskantar juna. Matsalar ita ce ba ya yafe karkata. Abin da yake jurewa bai wuce minti 2 zuwa 4 na kusurwa ba, kuma minti 60 ne ke yin digiri ɗaya. Minti 3 a tsakanin gidaje masu nisan rabin mita bai kai rabin milimita ba. Wane mai walda ne zai rantse maka firam ɗinsa bai goce da rabin milimita ba bayan ƙarfe ya huce? Mai ƙwallo yana jure abin da bai wuce minti 10 ba. Dangin 222 kuwa, saboda hanyar zoben waje a kwarɓe take kamar cikin ƙwarya, suna ɗaukar digiri ɗaya da rabi zuwa biyu ba tare da sun ji ba. Mai miƙaƙƙun rola na NU kada ma ka tsaya a kansa, ba ya riƙe turi ko kaɗan.

Akwai abin da ya tsaya min a maganarka. Ma'anar L10 ita ce a cikin boris ɗari, casa'in za su wuce wannan adadin, galibinsu ma da nisa. In naka kowane lokaci yana mutuwa daidai kan adadin ko kafin ya kai, to ba nauyi kaɗai ke kashe shi ba. Kada ka yar da na ƙarshen da ka cire. Ka fasa kejin, ka wanke zobban da kananzir, ka duba hanyar da ƙwallaye suka bi a cikin zoben waje. In sawun ya tafi a karkace, a wannan ɓangaren yana bakin dama, a ɗaya ɓangaren yana bakin hagu, gidajen ba su saitu ba, kuma wannan ya ƙara tabbatar da zaɓin 222. In ƙarfen ya ɓamɓare kamar ɓawo a inda nauyi yake sauka, gajiya ce ta nauyi. In kuwa hanyar ta dushe kamar an goge ta da yashi, giris ɗin ya yi baƙi yana ƙaras-ƙaras a yatsa, ƙura ce da dusar gyaɗa. Wannan ko wane boris ka sa sai ta cinye shi, maganinta sil mai kyau.

Wajen saye akwai ramin da na taɓa faɗawa da kaina ina sabon shiga. Na aika a sayo 22210 mai harafin K da kwalarsa don shaf na 50, muka kwance inji, sai ga kwala ta ƙi shiga. K yana nufin ramin boris a tsuke yake ta gefe ɗaya, ana zaunar da shi ne a kan kwala mai noti, ita kuma kwalar tana cin milimita 5. Kwalar 22210 K, wato H 310, ta shaf mai 45 ce. Kai abin da za ka nema shi ne 22211 K da kwala H 311 da gida mai lamba 511, irin wanda ake buɗewa gida biyu. Ya ma fi wanda muka yi lissafi da shi ƙarfi. Ni wannan hanyar na fi so a gare ka, domin shaf ɗin da aka sha buga wa boris ana cirewa da wuya ya rage a kan awonsa, kwala kuwa tana kama shi ko da ya ɗan ci. Riƙonta a shaf marar kafaɗa na wannan girman ya kai wajen 4 kN, ya ishi turinka. In ka fi son 22210 mai miƙaƙƙen rami a tsohon gida, ka sani kaurinsa 23 ne, na 6210 kuwa 20, kuma yana son shaf ya kama shi tsam fiye da mai ƙwallo.

Ɗaure notin kwalar shi ne inda aka fi kashe sabon boris. Kafin ka fara, zura fila-gej tsakanin rola na sama da zoben waje ka rubuta abin da ka samu. Na yau da kullum a wannan girman yakan kasance tsakanin 0.055 da 0.075 na milimita. Sai ka riƙa ɗaurewa kana aunawa har ratar ta ragu da kusan 0.03, ka tsaya, ka lanƙwasa haƙorin wosha. Zoben waje ya kamata ya ci gaba da juyawa da karkatawa a hannu. In ka ƙure shi, cikin awa guda gidan zai yi zafin da ba ya taɓuwa.

Sannan boris ɗaya kaɗai ake kullewa. Gidan kusa da giya a sa masa zobban tarewa a gefen boris, shi zai riƙe turin, giyar kuma ta zauna a inda aka saita ta. Ɗaya gidan a bar shi ba zobe, boris ya tsaya a tsakiyar mazauninsa, don shaf ya samu wurin miƙewa in ya ɗau zafi. Ƙarfe mai tsawon rabin mita in ya ƙaru da digiri 40 yana miƙewa da kusan kwatan milimita, kuma in ka kulle duka biyun, wannan ɗan kwatan a kan rola zai sauka.

Giris mai lamba EP 2 ya isa a wannan saurin. Cika cikin boris ɗin kansa, gidan kuwa daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Ranar farko ka bar injin ya yi awa biyu da kaya, kana ɗora hannu a kan gidan lokaci-lokaci. Zafin zai hau da farko yayin da giris yake neman wurin zama, daga baya ya tsaya ko ya ɗan sauka. In ya ci gaba da hawa bayan awa biyun, kashe injin, buɗe murfin, ka sake zura fila-gej.