Sa hannu ɗaya a ƙasan takarda ba ya zama izinin komai

Tambaya: "Ina aiki a wani kamfani a Kano da ke sayar da sola ana biya kaɗan-kaɗan. An ba ni takardar kare bayanan kwastomomi, shafi 6, in mayar da ita Hausa. Na gama, amma mutane dangwala yatsa kawai suke yi ba sa karantawa. Maigidana na wurin aiki ya ce tunda sun dangwala an gama. Hankalina bai kwanta ba. Ina gyaran yake?"

Amsa: Malama, gara da hankalinki bai kwanta ba, domin maganar maigidanki ita ce kuskuren da nake karo da shi kusan kullum, kuma ya ishe ni. Sanarwa daban, izini daban. Sanarwa ita ce ki gaya wa mutum abin da za ku yi da bayanansa. Izini kuwa zaɓi ne da zai iya bayarwa ko ya hana. Masu kwafo takarda daga intanet su sayar wa kamfanoni su ne suka cakuɗa biyun, suka liƙa layi ɗaya a ƙasa: "Na amince da duk abin da ke sama." Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, a sashe na 26, ta ce shiru ko rashin yin komai ba izini ba ne, kuma nauyin tabbatar da cewa an ba da izini yana kan kamfani. Ranar da wani ya kai ƙara Hukumar Kare Bayanai, tambarin yatsa a ƙasan shafi 6 da ba a karanta masa ba, me zai tabbatar?

Ki ɗauki takardarku ki raba ta gida biyu. Sunan mai saye, adireshinsa, lambar wayarsa da tarihin biyansa, ba za a iya ba shi sola bashi ba tare da su ba. Waɗannan yarjejeniyar cinikin ce ta halatta muku su, sashe na 25 ya tanadi haka. Kada ki nemi izini a kansu, ki sanar kawai. In kin ce masa yana da zaɓi alhali in ya ƙi ba za ku sayar masa ba, kin yaudare shi. Amma tura masa tallar sabon batir, ko ɗora hotonsa da fitilarsa a shafinku, ko miƙa lambarsa ga masu inshora, kowanne yana bukatar tambayarsa daban, da gurbi biyu, "Eh" da "A'a", ba wanda aka riga aka cike. Wanda ya ce a'a ga dukkansu, dole ya tafi da solarsa a farashi ɗaya da kowa. In wakilinku na ƙauye yana cike "Eh" da kansa don ya yi sauri, za ki gane: duk fom ɗin da ya kawo babu "A'a" ko ɗaya.

Sai kalmomi. Kada ki rubuta "bayanan sirri", domin mutum zai ɗauka lambar sirrin katinsa na banki ake nufi. Ki ce "bayananka", ki lissafa su. "Za mu sarrafa bayananka" ba ya gaya wa manomi komai. "Ɓangare na uku" ma haka, ki faɗi ko su wane ne. Ga yadda zan rubuta: "Za mu ajiye lambar wayarka don mu tuna maka ranar biya. In ka yi jinkiri za mu kira wanda ya tsaya maka. Ba za mu kira sauran danginka ba." Wanda ya tsaya masa ɗin ma bayanansa kuka karɓa, shi ma a sanar da shi.

Haƙƙoƙi kuma ki rubuta su a matsayin abin da mutum zai yi da hannunsa: ya nemi ganin abin da kuka ajiye, ya sa a gyara kuskure, ya nemi a goge, ya kai ƙara hukuma. Sashe na 35 ya ce janye izini ya kasance da sauƙi kamar bayar da shi. Wanda ya amince a ƙofar gidansa, ba a ce ya zo ofis da wasiƙa. Ya tura DAINA ta saƙon waya, ko ya kira, ya isa. Kan gogewa ki faɗi gaskiya: ba za a goge bayanan bashin da ba a gama biya ba.

Cikakkiyar takardar ta zauna, amma ki fitar da shafi ɗaya a gabanta, ki kuma naɗi muryarki kina karanta shi, wakili ya kunna wa wanda bai iya boko ba kafin ya dangwala. A rubuta ranar da sunan wakilin a fom. Kafin ku buga, ki karanta wa kwastomomi biyar, har da mata da dattawa, ki tambayi kowannensu: wa zai ga lambarka, kuma in ba ka son talla ya za ka yi? Layin da biyu daga cikinsu suka kasa amsawa, shi za ki sake rubutawa.