Sikeli ya ce kilo 18, kamfanin dako ya ce 30: yadda za ka rubuta musu

Tambaya: "Na aika kwali ɗaya na jakunkunan hannu ta wani kamfanin dakon kaya. Na auna shi kafin in miƙa, kilo 18 daidai, kuma na ɗauki hoton sikelin. Girman kwalin santimita 60 da 50 da 40 ne. Da takardar biyan kuɗi ta zo, sai na ga an caje ni kuɗin kilo 30. Kwalin yana hannunsu ba a karɓa ba tukuna. Yaya zan rubuta musu su mayar da shi kilo 18?"

Malam, ka dakata da maganar kilo 18 tukuna. In ka rubuta kana neman a koma can, da layi ɗaya za su ba ka amsa, kuma su ne za su fi ka gaskiya. Haƙƙin da kake da shi yana nan, amma mai yiwuwa kilo 6 ne, ba 12 ba, kuma a kansa ya kamata wasiƙar ta tsaya.

Kamfanin dako wuri yake sayarwa, ba ɗaukar nauyi kaɗai ba. Cikin jirgi ko mota yakan cika da kaya marasa nauyi tun kafin a kai iyakar abin da zai iya ɗauka. Saboda haka kowane kwali nauyi biyu gare shi a wurinsu: wanda sikeli ya nuna, da wanda ake fitarwa daga girmansa. Wanda ya fi yawa shi ake caja. Jakunkuna kuwa kusan rabinsu iska ne, shi ya sa kayanka suka faɗa wannan lissafi.

Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, sannan a raba da wata lamba da kamfanin ya ɗauka. Naka 60 × 50 × 40 ya ba da 120,000. A dakon jirgin sama na yau da kullum da 6000 ake rabawa, abin da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta tsayar ke nan, sai ya fito kilo 20. Manyan kamfanonin aika saƙo cikin gaggawa galibi da 5000 suke rabawa, sai ya fito kilo 24. Ka ga ko ta wace hanya, kilo 18 ba ya cikin magana.

To ina 30 ta fito? Da na sake duba alƙalumanka, wani abu ya tsaya mini: 120,000 in aka raba da 4000, kilo 30 ne cif, babu ko ɗigo. Akwai kamfanonin da ke amfani da 4000 a wasu hanyoyinsu masu rahusa, musamman dakon mota. Wannan ne zargina na farko. Ko dai an ɗora kayanka a tsarin da ba shi ka biya ba, ko kuwa shi ne tsarin tun asali ba ka lura ba. Ka ɗauko takardar farashin da suka ba ka kafin ka miƙa kaya, ka juya bayan takardar rakiyar kayan inda aka jera sharuɗɗa da ƙananan haruffa, ka nemo lambar rabawar. In 4000 aka rubuta a can, ka biya kawai, babu abin da wasiƙa za ta gyara. In 5000 ce, kuma awon girmanka daidai ne, kana bin su kuɗin kilo 6.

Hanya ta biyu ita ce sun sake auna kwalin sun samu girman da ya wuce naka. Da lambar 5000, kafin a kai kilo 30 sai girman ya kai 150,000, wato kamar a ƙara santimita 4 a kowane gefe: 64 × 54 × 44 yana ba da 152,064, kilo 30 da 'yan kai. Kada ka ce hakan ba zai yiwu ba. Na'urar awonsu tana ɗaukar inda ya fi tudu ne, ba gefen kwali ba. Kwalin da aka danna wa kaya har cikinsa ya kumbura, ko murfinsa ya ɗaga aka ɗaure da salatif, ko aka danne shi da wani kaya a hanya ya baje, duk zai fi abin da aka buga a jikinsa. Ko santimita 2 kaɗai aka ƙara a kowane gefe, 62 × 52 × 42, lissafin ya tashi daga 24 ya wuce 27. Ka tambayi kanka: 60 da 50 da 40 ɗin nan, da tef ka auna bayan ka rufe kwalin, ko daga rubutun jikinsa ka karanta? In daga rubutun ne, ka sani wani lokaci girman ciki ake bugawa, na kwali fanko.

Sauran dalilan ba su da wuyar ganewa. Ana iya liƙa wa kwalinka awon kwalin wani, ko a sake naɗe shi ko a ɗora shi kan katako a haɗa da nauyin katakon, ko mai shigar da lamba ya yi kuskure. Ana kuma cike gutsuren kilo zuwa sama, yawanci zuwa rabin kilo na gaba, amma wannan ba zai taɓa kawo bambancin kilo 6 ba.

Babbar sa'arka ita ce kwalin yana nan a rufe. Ka gaya wa wanda zai karɓa kada ya yanka salatif ko ɗaya sai ya ɗora shi a sikeli ya ɗauki hoton da ke nuna lambar kayan da allon sikelin a lokaci guda. Sannan ya shimfiɗa tef a kan tsawo, da faɗi, da tsayi, a inda ya fi kumburi, kowanne da hotonsa. In a gaban ma'aikacin kamfanin aka yi, ya sa hannu, ya fi. Hoton sikelinka na farko yana da amfani, sai dai nauyin da babu wanda ya musa yake tabbatarwa. Gardamar a kan girma take, kuma da zarar an buɗe kwalin shaidar ta tafi.

Wasiƙar kuma ga wanda ya fitar maka da takardar biyan kuɗi za ka aika ta. In ta hannun wakili ka bi, shi za ka rubuta wa, domin da shi ka ƙulla ciniki, kamfanin jirgi bai san ka ba. Ka duba takardar rakiyar, za ka ga gida biyu: `Gross Weight` shi ne na sikeli, `Chargeable Weight` shi ne wanda aka caja. Ka kwafo abin da ke cikinsu yadda yake. Ga yadda zan tsara ta in 5000 ka samu a sharuɗɗan, sai ka cike lambobi da ranaku, ka mayar da ita harshen da kamfanin ke aiki da shi:

"Zuwa ga sashen kuɗi. Ƙorafi kan nauyin da aka caja: takardar rakiyar kaya mai lamba kaza, takardar biyan kuɗi mai lamba kaza.

"A ranar kaza na miƙa muku kwali ɗaya. Nauyinsa a sikeli kilo 18 ne, girmansa bayan rufewa santimita 60 × 50 × 40. Takardar farashinku ta ranar kaza ta ce da 5000 ake rabawa. A kan haka nauyin girmansa kilo 24 ne, kuma na yarda shi ne abin caja tunda ya fi na sikeli. Takardar biyan kuɗinku ta nuna kilo 30, bambancin kilo 6.

"Ina roƙon ku aiko mini da awon da kuka ɗauka na tsawo da faɗi da tsayi da nauyi, da wuri da ranar da aka auna, da lambar da kuka raba da ita, da hoton na'ura in akwai. Kwalin yana hannunku a rufe, ina neman a sake auna shi a gaban wakilina kafin a buɗe. Idan awon bai tabbatar da kilo 30 ba, ina neman a gyara takardar zuwa kilo 24, a rage kuɗin kilo 6 tare da duk ƙarin da aka lissafa a kansa. Ina jiran amsarku a rubuce cikin kwana 7. Na haɗa da hotuna, da takardar farashi, da kwafin takardun biyu."

Jimlar da ka amince da kilo 24 da bakinka ita ce ƙarfin wasiƙar. Ma'aikacin da ke karanta irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe yana da amsa a ajiye ga duk wanda bai san nauyin girma ba, yana ganin "sikelina ya nuna" zai tura masa ita ya wuce. Kai ka riga ka toshe wannan ƙofa, dole ya buɗe bayanan awon. Kuma kada ka sa kalmar cuta ko zamba. Kuskure kake nuna musu, kuma mutum ya fi saurin gyara kuskure a kan amsa laifi.

Maganar ƙarin da aka lissafa a kansa, kada ka cire ta. Kuɗin man da kamfanonin nan ke ƙarawa yawanci kaso ne na kuɗin dakon, haka ma haraji a inda ake ɗora shi. In kuɗin dako ya sauka, su ma ya kamata su sauka, amma in ba ka ambata ba ana iya rage maka na kilo kaɗai a bar sauran.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Kowane kamfani yana da wa'adin karɓar ƙorafi a kan takardar biyan kuɗi, yana cikin sharuɗɗan nan na baya, kuma kiran waya ba ya tsayar da shi. Ka aika yau ta hanyar da za ta bar maka shaida, imel ko takardar da za a buga wa kwafinka hatimin karɓa. In sun ce ba za su saki kaya ba sai an biya, kada ka bar kwalin ya kwana yana tara kuɗin ajiya, domin cikin 'yan kwanaki zai iya cinye abin da kake nema. Ka sa a auna a ɗauki hotunan, ka biya, ka ƙara layi ɗaya a wasiƙar: "Na biya ne domin a saki kayana, ban amince da kilo 30 ba, kuma ina neman a mayar mini da bambancin." Ka rubuta hakan a jikin rasit ɗin ma kafin ka sa hannu.