Hotuna 140 a waƙar minti uku, kuma kana neman bashin kwamfuta?

"Malam, ina haɗa wa mutane bidiyo da hotunansu, in sa waƙa, hoton yana matsowa a hankali. Aiki na samuwa, amma kusan kowane sai an dawo da shi. Na ƙarshe an ba ni hotuna 140 da waƙar minti 3 da daƙiƙa 20, na zuba su duka. Mai aikin ya ce bidiyon yana gudu, yana kuma rawa, sau uku ina sake shi ba ƙarin ko sisi. Ina ganin kwamfutata ce ta tsufa. In ci bashi in sayi babba? Na ji ana cewa masu manyan na'urori suna samun kuɗi sosai."

Ɗan'uwa, ajiye maganar bashin nan tukuna. Da za a ba ka kwamfutar da ta fi kowace ƙarfi a duniya yau da safe, wannan aikin da yamma sai an dawo maka da shi. Ka rasa kuɗinka ne tun lokacin da ka karɓi hotunan ba tare da ka yi lissafi ba, kafin ma ka kunna na'urar.

Ga lissafin da ka tsallake. Waƙar daƙiƙa 200 ce. Raba ta gida 140, kowane hoto bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ɗan lokacin kake so mai kallo ya gane wa ke cikin hoton, hoton ya matso, sannan ya narke ya shiga na gaba. Ido ba ya aiki haka. Mutum yana bukatar lokacin da zai ga fuskar, ya gane ta, ya ɗan tsaya a kanta, kuma ga hoto na yau da kullum daƙiƙa biyar ce ke ba shi wannan sararin. Idan ka sa narkewar daƙiƙa ɗaya tsakanin hoto da hoto, wannan daƙiƙar hotuna biyu ne ke raba ta, don haka kowane hoton da ka ƙara daƙiƙa huɗu yake ƙara wa bidiyon. Cire daƙiƙa biyar na rubutun buɗewa da biyar na rufewa, saura 190. Raba da huɗu. Hotuna 47 ke nan, su ne waƙar za ta iya ɗauka. Su kuma 140 ɗin, in dole sai duka sun shiga, bidiyo ne na sama da minti tara, kusan waƙa uku, aiki ninki uku. Kai kuwa ka karɓi kuɗin na minti uku.

Abin da ya kamata ka faɗa wa mai aikin a ranar shi ne: "Ranka ya daɗe, zaɓi ɗaya. Ko ka tsamo min 47 da ka fi so, ko mu yi na minti tara da kuɗin minti tara." Na san abin da ya hana ka, tsoron kada ya tafi wurin wani. Amma ga shi bai tafi ba, ya zauna ya sa ka aiki huɗu a kuɗin ɗaya, kuma har yanzu ba ya jin daɗin abin da ya karɓa. Mai hoto ba zai taɓa rage hotunansa don kansa ba, kowane yana da daraja a wurinsa. Cikin 140 ɗin nan, in ka duba, za ka tarar da hoto guda an ɗauke shi sau biyar a jere, da waɗanda suka yi dishi-dishi, da waɗanda aka rufe ido. Taimaka masa ya zaɓa yana cikin abin da yake biyanka.

Kada kuma ka ɗauki daƙiƙa biyar ɗin nan a matsayin doka da za ka buga wa kowane hoto. Hoton mutum ɗaya huɗu ta ishe shi. Hoton taro mai mutum ashirin yana son shida ko bakwai, domin kowa kansa yake nema a ciki. Hoton da ke ɗauke da rubutu, ka bar shi har sai ka karanta rubutun sau biyu a natse. Biyar ɗin matsakaici ne da kake yin ciniki da shi.

Yanzu batun matsowar hoton. Masu sana'ar suna kiran salon da sunan Ken Burns, Ba'amurken nan mai shirya finafinan tarihi da tsofaffin hotuna, kuma a wasu manhajojin da wannan sunan za ka same shi. Sirrinsa ƙanƙanta. Hoto ya tashi daga girmansa na asali ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari a daƙiƙa biyar, wato kashi biyu a kowace daƙiƙa. Riƙe wannan saurin a ko'ina: hoton daƙiƙa huɗu kashi takwas, na daƙiƙa bakwai kashi sha huɗu. Idan ka ba kowane hoto matsowa iri ɗaya alhali tsawonsu ya bambanta, gajerun za su yi tsalle, dogayen su yi rarrafe, mai kallo ya ji wani abu na damunsa bai san ko mene ne ba. A naka aikin, hoto na matsowa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, shi ne gudun da mutumin ke kuka da shi. Matsowar ta nufi abin da ake son gani, fuska ko idanu, ba tsakiyar hoton kawai ba, in ba haka ba za ka ƙare a kan maɓallin rigar mutum ka yanke masa kai. Kuma motsin ya ci gaba har cikin narkewar. Hoton da ya tsaya cak kafin na gaba ya shigo yana sa bidiyo ya riƙa tuntuɓe.

Rawar ita ce ta sa kake zargin kwamfutarka, to gwada ta kafin ka yanke mata hukunci. Fitar da daƙiƙa ashirin na aikin, ka tura wa waya ka kalla. Idan a wayar yana tafiya sumul, to kwamfutar tana wahala ne kawai wajen nuna maka aikin lokacin da kake haɗawa, abin da take fitarwa lafiya lau ne. Tsohuwar na'ura jinkiri take yi, ba ta ɓata sakamako. Idan kuwa rawar na nan a waya, a wuri ɗaya duk lokacin da ka maimaita, to tana cikin fayil ɗin, kuma sabuwar kwamfuta za ta fitar maka da irinta sak, sai dai ta fi sauri.

Abu biyu ne suka fi jawo ta. Na farko, ka haɗa aikin a kan firam 30 a daƙiƙa, wato hotuna 30 da bidiyo ke nunawa a jere cikin kowace daƙiƙa, ka fitar da shi a kan 25 ko 24. Manhajar sai ta riƙa zubar da wasu firam ɗin, kuma a motsi mai sanyi irin wannan ido yana kama kowane giɓi. Lambar da ka fara da ita, da ita za ka fitar. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Allon ɗigo 1920 ne a faɗi da 1080 a tsaye, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, ƙarin kashi goma kuwa ɗigo 96 ne kacal a gefen dama da na hagu, cikin firam 150 na daƙiƙa biyar. Motsin kowane firam bai kai ɗigo ɗaya ba. Manhajar da ba ta iya motsa rabin ɗigo sai ta tsaya, ta tsallaka, ta tsaya, wannan shi ne karkarwar. Masu aiki da FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni, sun san wannan sarai da zoompan, umarninta na matso da hoto, kuma maganinsa shi ne a fara kumbura hoton sosai kafin a matso da shi, yadda tsallen zai yi ƙanƙantar da ba a gani:

```
ffmpeg -i hoto.jpg -vf "scale=7680:-2,crop=7680:4320,zoompan=z='1+0.1*on/150':x='iw/2-iw/zoom/2':y='ih/2-ih/zoom/2':d=150:s=1920x1080:fps=30,format=yuv420p" fita.mp4
```

Wannan na hoton kwance ne, irin na waya. Na tsaye sai ka fara ɗora shi a kan bangon da aka yi da shi kansa hoton, a dusashe, kada ka miƙe shi ya cika allo mutane su koma gajeru masu faɗi.

Ka kuma tambayi kanka ta wace hanya hotunan suka iso gare ka. Wayar da ke ɗaukar hoto mai faɗin ɗigo 4000 ta ba ka sarari mai yawa, tunda matsowar kashi goma ɗigo 2112 kawai take bukata. Amma hoton da aka turo ta WhatsApp a hanyar da aka saba yakan sauko zuwa wajen 1600, bai ma cika allon ba balle a matso da shi. Ka ce a turo maka su a matsayin Document, ko a kawo a filashi. Wanda ya zo ƙarami, ka faɗa wa mai shi tun kafin ka fara, kada ya gani a ƙarshe ya ce kai ka lalata.

Na san wani matashi da ya yi abin da kake shirin yi. Ya ci bashi ya sayi na'ura mai tsada, ya ƙara da manhajar da ke da ɗaruruwan salon juya hoto. Bidiyonsa suka cika da hotuna masu wulwulawa da masu fashewa kamar gilashi, amma yana nan yana karɓar duk abin da aka zube masa, yana sakewa kyauta. Da lokacin biya ya yi, na'urar ya sayar a ƙasa da yadda ya saya. Masu manyan na'urorin da ake ba ka labari, yawan aiki ne ya tilasta musu sayen su, bayan sun riga sun san awa nawa kowane minti na bidiyo ke ci musu. Kai ka sani? Na tabbata ba ka taɓa rubutawa ba.

Fara rubutawa daga aiki na gaba: hotuna nawa, minti nawa, awa nawa ka zauna, sau nawa aka dawo da shi. Bayan aiki goma za ka ga abin da awarka ke kawowa, daga nan ne farashin minti zai fito. Kafin ka taɓa hoto ko ɗaya, ku daidaita a rubuce, ko da a saƙon waya ne: adadin hotuna, tsawon bidiyo, wace waƙa, kwance ne ko tsaye, da gyara sau ɗaya a cikin kuɗin, na biyu da kuɗinsa. Ka karɓi rabi a gaba. Sannan ka haɗa daƙiƙa talatin na farko ka tura masa, ya amince da saurin da salon kafin ka ci gaba. Canja sauri a hotuna bakwai aikin ɗan lokaci ne, a hotuna 47 da aka riga aka daidaita da waƙa kuwa sabon aiki ne daga farko.

Shi kuma mai 140 ɗin, idan ya dawo karo na huɗu, nuna masa samfuri biyu na daƙiƙa talatin-talatin, ɗaya a saurin da ya sa ka yi, ɗaya a daƙiƙa biyar. Bar shi ya zaɓa, ka gaya masa kuɗin kowanne.