Ambulan Kuɗinka Ya Dawo A Rufe? Ba Farashi Ne Ya Kayar Da Kai Ba

*Malam, sau uku ina neman kwangilar kula da na'urorin sanyaya ɗaki a wata hukuma. Kullum ina karya farashi, amma ambulan da na saka farashina a ciki a rufe ake dawo min da shi. Ɗan yayana ne ke rubuta min bayanin aiki. Ko dai sai da uwa a gindin murhu?*

Alhaji, ajiye zancen murhu tukuna. Ambulan da ya dawo a liƙe ya riga ya faɗa maka inda ka faɗi. Idan an ce a kawo ambulan biyu, ɗaya na bayanin yadda za ka yi aikin, ɗaya na farashi, na bayanin aiki ake fara buɗewa a ba shi maki, kuma wanda bai kai makin tsallakewa ba, sau da yawa 70 ko 75 cikin 100, babu mai duba farashinsa. Wato sau uku kana yi wa kanka asara a takardar da ba wanda ya karanta.

Ko da ka tsallake ma, arhar ba lallai ta cece ka ba. A ce bayanin aiki na da kashi 70, farashi kashi 30. Ka ci 72, ka nemi miliyan 80, mafi arha a cikin kowa. Makinka 50.4 ne a aiki, wato kashi 70 cikin 100 na 72, da 30 cif a farashi tunda kai ne mafi arha, jimla 80.4. Abokin takararka ya ci 90, ya nemi miliyan 100. Yana da 63 a aiki, a farashi kuma sai a raba 80 da 100 a ninka da 30, ya samu 24. Jimlarsa 87. Ya fi ka tsada da miliyan 20, kuma shi za a kira.

Kuskurenka shi ne ka damƙa kashi 70 na kwangilar a hannun yaro don kawai ya iya kwamfuta. Na taɓa duba takardun wani da ƙaninsa ya kwafo masa tsohon bayani, har da sunan wata hukumar daban a shafi na huɗu. Tarihin kamfani shafi goma, amma takardun ma'aikata babu sa hannu, shaidar kammala aiki ko ɗaya babu. Kwamiti ba ya ba da maki a kan "mun ƙware sosai".

Ka buɗe takardar neman tayin da kanka, ka nemo jadawalin rabon maki. Idan an ware 30 ga ayyuka uku makamantan wannan, haɗa takardun shaida uku, kowace da ranarta da sa hannun wanda aka yi wa aikin. Ka jera amsarka bisa jerinsu, kada kuma farashi ya leƙa cikin ambulan bayanin aiki, don shi kaɗai ya isa a fitar da kai.

Gobe ka rubuta wa hukumar ka nemi bayanin makin da ka samu a karo na uku, sashe-sashe. Yaron kuwa ya buga abin da ka shifta masa.